Neman kalmar Hausa: me za mu kira Screenshot?

Ɗan Asawase: Salamu alaikum. Ana shirya takardar faɗakarwa da Hausa don 'yan kasuwar Asawase da Aboabo da ke Kumasi, a kan masu nuna shaidar biyan kuɗi ta ƙarya a waya su kwashe kaya. Abin da waya ke rubutawa Screenshot shi ya tsayar da mu. Mu ara, ko mu ƙirƙira?

Hajiya Mai Atamfa: Wa alaikumus salam. Ka gaya musu kada su yarda da hoton da mai saye ya nuna, ko na sidi 20 ne. Mai kaya ta duba tata wayar, ta ga kuɗin sun shiga, sannan ta ba da kaya.

Ɗan Asawase: Gaskiya ne, Hajiya, zai shiga takardar. Sunan hoton muke nema.

Baban Ummi: A sa "hoton allo". Idan kuma aro za a yi, sai dai "sikirinshoti", don kalmar Hausa ba ta ƙarewa sai da wasali. Duba bokiti, tikiti, burodi.

Malam na Tafo: Baban Ummi, misalanka daidai ne, amma tsofaffin aro ne, na zamanin da kunne kaɗai ke ɗauko kalma daga bakin Bature. Aron baya-bayan nan yana tsayawa a kan baƙi: kaset, siket, intanet. Ba wanda ke cewa intaneti.

Bari mu bi kalmar daki-daki. Farkonta baƙaƙe uku ne a jere, s da k da r, Hausa kuwa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu, balle uku. Sai a cusa wasali tsakaninsu. Wane wasali? Wanda ke maƙwabtaka ne ke jan sa. A burodi da fulawa u ya shigo, saboda b da f na leɓe ne. A gilashi da direba i ya shigo. A tamu kalmar wasalin da ke gaba i ne, don haka si-ki-rin. Dogon wasalin Turancin ma ya gajarce, domin gaɓar da baƙi ya rufe ba ta ɗaukar dogon wasali.

Ƙarshen ne ke da rigima. Hausar Kano ba ta son o a rufaffiyar gaɓa, takan mai da shi a, shi ya sa ake cewa bam, kwas, kwalta. Bakano na iya cewa sikirinshat. Mu nan zango kunnenmu ya saba da Turancin Gana da Asantanci, shot muke ji, shot muke faɗa.

Baban Ummi: To ai wannan wahalar ce ta sa na ce hoton allo. Hausa tsantsa.

Malam na Tafo: Allon ma aro ne, ɗan'uwa, daga Larabci, har da "al" ɗinsa aka haɗiye, kamar alƙalami da allura. Hoto kuma daga Turanci. Sun daɗe ne har mun manta. Abu kan zo da sunansa, idan sunan ya fi na gida gajarta sai ya zauna. Jirgin sama ya karɓu, amma na'ura mai ƙwaƙwalwa har yau ba ta kori kwamfuta daga bakin mutane ba. Mu ma an ara daga gare mu: wakenmu ne Asantawa suka lanƙwasa ya zama sunan shinkafa da waken da ake sayarwa ko'ina a Gana, zango kuma ya koma zongo.

Matsalar hoton allo ita ce, tsohuwa a Aboabo za ta ɗauka allon makaranta aka ɗauka hoto.

Hajiya Mai Atamfa: Wallahi haka na fahimta da farko, Malam.

Yaya Mariya: Ni "hoton fuskar waya" na fi so. Gwada shi a jimla: "Kada ki yarda da hoton fuskar waya." Kowa ya gane. Jam'i ma ba wuya, hotunan fuskar waya. Sikirinshot fa, yaya jam'insa? Sai dai a ce su sikirinshot.

Malam na Tafo: Wannan gwajin shi ne na gaskiya, Mariya. Iyakarsa dai ba ya aiki a kwamfuta. Ɗan Asawase, idan ka zaɓi aron, ka rubuta shi a haɗe. In ka raba, mai karatu zai ɗauki n ɗin sikirin a matsayin na mallaka, kamar a "gidan Audu". Haka ta faru da kanti: asalinsa yana da n a ƙarshe, aka ji "kantin" kamar kantin wane, aka cire.

Ɗan Asawase: Na gode. A kanun takarda zan sa "hoton fuskar waya", layi na gaba in ce shi ne yara ke kira sikirinshot.

Baban Ummi: Ka fara karanta wa mata biyar a kasuwa kafin a buga. Ni dai har yanzu ina ganin ya yi tsawo.