Sun ce na samu aiki, amma sai na biya kuɗin horo tukuna

Don Allah masu sani, ku taimaka mini, kaina ya ɗaure. Shekaranjiya na samu imel cewa wani babban kamfani ya ɗauke ni aikin shigar da bayanai. Na san na tura takarduna wurare da yawa, sai dai ban tuna na nemi wannan ba, kuma ba wanda ya gana da ni ko ta waya.

Saƙon bai ambaci sunana ba, "mai neman aiki" kawai suka ce. Sunan kamfanin ne ya fito a sama, amma da na taɓa shi sai na ga adireshin ya ƙare da @gmail.com. Da na danna amsa kuma, wani adireshin daban ya bayyana.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin horo. Sun ce in tura cikin awa 48 zuwa asusu mai sunan mutum, wai za a mayar mini a albashin farko. Ban biya ba. Amma na riga na aika musu hoton katin shaidata, abin ya hana ni barci.

Na duba shafin kamfanin, ban ga gurbin ba. In kira lambar da ke shafin nasu in tabbatar? Katin da na tura fa, me za su iya yi da shi, kuma wane mataki zan ɗauka yanzu?