Salon rubutu biyu a fosta guda: wa ya taɓa cin karo da wannan?

Sabon Hannu: Assalamu alaikum. Na haɗa fostar sanarwa mai girman A3, na sa Montserrat a take, Poppins a bayanin ƙasa. Da aka buga sai suka zama kamar Hassan da Hussaini, ido ya rasa inda zai fara sauka. Na mayar da bayanin Playfair Display, fari a kan shuɗi mai duhu, girma 18. A kwamfuta gwanin sha'awa, a takarda kuwa kamar kaza ta yi tono. Ina na kuskure?

Mai Zane: Wa alaikumus salam. Ai dokar guda ce, ɗan'uwa: ɗaya mai 'yan ƙafafu a ƙarshen harufa, ɗaya marar ƙafa. Tunda na riƙe wannan ban sake jin kunya ba.

Tsohon Maɗaba'a: Mai Zane, ka duba da kyau, a gwajinsa na biyu ai dokar taka ya bi, ga shi bai tsira ba. Kuskure biyu ne daban. Montserrat da Poppins duk marasa ƙafa ne, duk harufansu zagayayyu ne masu faɗi. Bambancinsu bai kai mai karatu ya gane da gangan aka yi ba, sai dai ya ji wani abu bai zauna ba. Shi kuwa Playfair Display don manyan rubutu aka ƙera shi. Dubi harafin e: gefensa da kauri, sandar tsakiya siririya kamar gashi. A girma 100 ado ne. A girma 18, fari a kan duhu, tawadar da ke kewaye takan ɗan malala ta cinye sandar, e ya koma c. Na sha ganin wannan a bakin inji.

Da ni ne juya su zan yi. Playfair Display mai kauri a take, girma 100 zuwa 120, bayani kuma da Noto Sans, girma 24, tazarar layi 30 ko 32. Kwalliya ta take ce, don kalma huɗu ko biyar ce kawai. Bayani shi ke ɗauke da rana da lokaci da wuri, ba ya son kwalliya. Idan kuma akwai ƙaramin take a tsakani, kada ka ɗauko salo na uku, Noto Sans ɗin ka kaurara.

Uwar Biyu: Ni dai rawaya a kan baƙi nake sawa, daga nesa ake hangowa. Ka gwada.

Sabon Hannu: Na gode Hajiya, amma launin bai dame ni ba, harufan ne. Baba, me ya sa girma 24 a wani salon yake fin 24 a wani?

Tsohon Maɗaba'a: Lambar ba tsayin harafin da kake gani take aunawa ba. Rubuta kalma ɗaya da Garamond da kuma Verdana a lamba guda, ka kalli a da n da o. Na Verdana sun fi tsayi da buɗewa nesa ba kusa ba. Don bayanin fosta, mai dogayen ƙananan harufa ake nema.

Malamar Aji: Nawa abin kunyar daban ne. Na sauke wani salo mai ado, na rubuta take da kalmar ƘARSHE a ciki. Ashe babu Ƙ a salon. Manhajar ba ta ce min uffan ba, ta aro harafin daga wani salo, ya fito siriri a tsakiyar masu kauri. Sai da fostar ta hau bango wata ɗaliba ta nuna min. Yanzu kafin in zaɓi kowane salo sai na fara buga wannan, a siriri da kuma mai kauri:

```
Ɓɓ Ɗɗ Ƙƙ Ƴƴ
```

Noto Sans, Noto Serif, Charis SIL da Andika duk suna da su. Masu adon take ne suka fi ba da matsala.

Mai Zane: To na sallama rabi. Amma take da manyan baƙaƙe zalla fa? Ni da Bebas Neue nake yi, ba shi ma da ƙanana, kuma yana jan ido.

Malamar Aji: Kalma uku, na yarda. In ya kai layi biyu ni kam gajiyar da ni yake yi, ga shi a matse.

Mai Zane: A matsen ne amfaninsa, Malama, dogon take ya shiga layi guda. Ban ga wanda ya kasa karantawa ba tukuna.

Sabon Hannu: Na juya su yadda Baba ya ce. Na fitar da gwaji a A4 na manna a bango. Take ya fito sarai, lambar waya ce sai na matso.

Tsohon Maɗaba'a: A4 kusan kashi 71 cikin ɗari ne na A3 a tsayi da faɗi, don haka tsayuwa a mita ɗaya da rabi daidai take da kusan mita biyu a gaban ta gasken. In daga nan lambar ba ta karantuwa, ɗaga ta zuwa 36, ka ba ta layinta ita kaɗai.