Silin yana jiƙewa da damina alhali kwano ba ya yoyo: musayar abin da kowa ya gani

Mai gida, Kofar Kaura, Katsina:
Assalamu alaikum. Ina neman waɗanda suka taɓa ganin irin wannan su ba mu labarin yadda ta kasance da su. Falona rufin kwanon alminiyam ne, silin kuma na fi'ofi, akwai esi da muke ajiyewa a kan digiri 18. Lokacin aikin, mai silin ya shimfiɗa leda mai kauri a bayan silin, sannan ya ɗora audugar gilas a kanta domin rage zafi. Duk bazara lafiya lau, amma da watan Agusta ya shiga sai tabo ya fito a kewayen fitilun da ke manne a silin, har funfuna ta fara baƙi. An hau sama an duba kwano, babu ƙusar da ta saki, amma audugar a jiƙe take, ruwa kuma yana kwance a kan ledar.

Kafintan rufi, Daura:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Ni abin da na sani shi ne kwano yana yin raɓa ta ƙasansa. Da dare yakan huce ya fi iska sanyi, sai ka hau da asuba ka tarar da ɗigo a jere a jikin katakan da aka buga shi a kai, ko da ba a yi ruwa ba. Yoyo yana bin ruwan sama, kuma wuri guda yake kamawa, yawanci kusa da ƙusa ko inda kwano biyu suka haɗu, ita kuwa raɓa ko'ina take bazuwa. A ganina ledar nan ma taimakonka ta yi, da babu ita da silin ya daɗe da faɗowa. A ƙara wata a saman audugar, magana ta ƙare.

Injiniyan gini, ya yi aiki a Legas da Fatakwal:
Malam kafinta ya faɗi gaskiya a kan raɓar kwano, amma ban yarda a ƙara leda ta biyu ba, domin audugar da ta riga ta jiƙe idan aka rufe ta sama da ƙasa ba ta da hanyar bushewa. Abin da Alhaji ya kwatanta na sha ganinsa a ɗakunan otal a Kudu. Danshin da ke cikin iska yana tafiya daga inda ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, kuma duk inda ya tarar da abu mai sanyi sai ya koma ruwa, kamar yadda gorar da aka ciro daga firji take gumi. Iskar da ke digiri 28, danshinta kashi 75 cikin ɗari, tana fara zubar da ruwa a kan duk abin da sanyinsa ya kai wajen digiri 23 zuwa ƙasa, kuma irin wannan iska ba baƙuwa ba ce a nan cikin Agusta. To, falon Alhaji yana kan 18, ledar tana kwance a bayan silin mai sanyi, audugar da ke kanta ta hana zafin rufi ya ɗumama ta, amma ba ta hana danshi ratsawa ba. Saboda haka danshin ya ratsa audugar ya iske ledar, ya zama ruwa a kanta, sannan ya gangara ta ramukan da aka huda domin fitilu. Shi ya sa tabon ya fito a nan.

Ƙa'idar sa leda ta ɓangaren ɗaki ta ƙasashen sanyi ce, inda cikin gida ne yake da ɗumi da danshi, waje kuma sanyi. A ɗaki mai esi lokacin damina abin juyawa yake yi, don haka idan za a sa abin da ke tare danshi, ta wajen audugar ake sa shi, ɓangaren ɗaki kuma a bar shi ya iya bushewa.

Magini, Kofar Marusa:
Ni kuwa ban taɓa ganin leda ta yi ɓarna ba. Duk ginin da nake yi sai na shimfiɗa ta kafin a zuba kankaren daɓe, kuma gidajen da ba a sa musu ba su ne fentinsu yake ɓamɓarewa daga ƙasa, gishiri ya fito fari a jikin bango.

Injiniyan gini:
Baba, wannan daidai ne, kada ka daina. Taka tana tare ruwan da ke tasowa daga ƙasa ne, kuma nan ne wurinta. Ta silin ce ta zauna inda bai dace ba.

Malamar makaranta, cikin gari, Katsina:
Namu bango ne, amma da na karanta bayanin Injiniya sai na ga kamar ciwon ɗaya ne. Gidanmu na gado ginin ƙasa ne, a da yaɓen makuba ake yi masa ta waje, kuma ko da ruwa ya dake shi, rana na fitowa yake bushewa. Daga baya aka yi masa filastar siminti ciki da waje, aka bi ɗakunan da fentin mai saboda a riƙa gogewa. Bayan 'yan daminu sai filastar ta fara kumbura, idan ka ƙwanƙwasa ka ji rami a ciki, da aka fasa wani wuri kusa da ƙasa sai ga ƙasar ta yi laushi tana zuba a hannu. Ruwan da ya shiga ta tsagar filasta da ta gindin bango bai sami mafita ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin gidaje da yawa a unguwarmu haka ake yi musu da sunan gyara.

Injiniyan gini:
Haka ne, Malama, an rufe bangon ta fuska biyu. Akwai gwaji mai sauƙi: a yanki leda kamar taku ɗaya da rabi kowane gefe, a manna ta a bango da salatif ta ko'ina, a bar ta kwana biyu. Idan gumi ya taru tsakaninta da bango, danshin daga cikin bangon yake, idan kuwa a fuskarta ta ɗaki ya taru, iskar ɗakin ce. A ɗaki mai esi fentin ruwa ya fi na mai, takardar bango ta roba kuwa ita ce ta fi tara funfuna a bayanta.

Game da falon Alhaji, a cire ledar, a sauya audugar da ta jiƙe, a toshe kewayen ramukan fitilu, a buɗe wa cikin rufin mashigar iska a bakinsa da mafita a can sama tare da raga saboda tsuntsaye da jemagu, sannan a mayar da esin 24 ko 25. Raɓar kwano kuma maganinta shimfiɗa mai numfashi, wadda ba ta barin ruwa ya ratsa amma tururi yana wucewa ta cikinta. Ana shimfiɗa ta a kan rafta kafin katakan kwano, a fara daga ƙasa, kowane layi ya hau na ƙasansa da santimita 15, a bar tazarar aƙalla santimita 2.5 tsakaninta da kwano, bakinta kuma ya fito waje domin ɗigon ya zuba can.

Kafintan rufi:
Injiniya, wannan shimfiɗa sai an ɗaga kwano duka kafin a sa ta, kuma ba kasafai ake samunta a kasuwanninmu ba. Mu nan daminar wata uku zuwa huɗu ce, hunturu na shiga komai ya bushe ƙarau. A Fatakwal na yarda, amma a Daura ban ga abin da zai sa mai gida ya kashe wannan kuɗi ba.

Injiniyan gini:
A tsohon rufi ni ma ba zan matsa ba. A sabon gini mai esi dare da rana kuwa zan sa ta, domin wata uku sun isa funfuna ta kama fi'ofi.

Mai gida:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Mun cire ledar, mun sauya audugar, esi kuma yana kan 24. Kwanon ban taɓa shi ba tukuna. Zan sa a riƙa hawa da asuba ana taɓa saman audugar har ƙarshen Satumba, idan ana samunta a jiƙe, to raɓar Malam kafinta ma tana ciki, sai mu koma maganar shimfiɗar.