Karatuna yana tsayawa a tsakiyar littafi, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tela ne ni, ina kan keke daga ƙarfe takwas na safe har bayan Isha'i. Na ɗaura niyyar kammala littafi ɗaya duk wata, na lissafa shafi 240 ya zama shafi 8 kullum. Makon farko lafiya lau. Amma da ɗinkin biki ya taru sai in yi kwana huɗu ban buɗe ba, bashin shafuka ya kai 32, zaren labarin ma ya kuɓuce mini. Da dare barci ke kwashe ni a shafi na biyu, bayan Asuba kuma yara sun tashi. Wanda ya tsallake kwanaki, biyan bashin yake yi ko ci gaba kawai? Abin yana damuna ƙwarai.