Jaririna ya mayar da dare rana, kwana 19 ban runtsa ba

Assalamu alaikum iyaye mata, don Allah a taimaka min. Haihuwata ta fari ce, ina wankan gida wajen Mama a Tudun Wada, Gombe.

Yaron nan yana barci sosai, na lissafa a waya ya kai awa 16 a yini, amma gutsi-gutsi ne, awa biyu ya farka ya sha nono, wani lokacin minti 40 kacal. Da rana ko injin markaɗe aka tayar ba ya motsi, daga ƙarfe 1 na dare kuwa ido tar har kiran asalatu.

Na gwada hana shi barcin la'asar, ranar kuka ya yi har ya shiɗe, daren ma ya fi muni. Na dawo da wankansa bayan isha'i, a banza. Nas ta ce cikinsa ƙarami ne shi ya sa yunwa ke tashinsa, kuma jikinsa bai fara bambance dare da rana ba sai wajen wata biyu zuwa uku, wai in riƙa buɗe labule da safe in rage haske da dare. Kwana biyar ina yi, shiru.

Waɗanda suka gwada dabarar hasken nan, sati nawa kuka yi kafin dogon barcin ya koma dare?