Tambayoyin gwaji na kwas: daga hadda zuwa aiki zuwa tsefewa

Sagir: Salam 'yan uwa. Ina son shawara don Allah. Na haɗa wa kaina tambayoyin gwaji wajen 40 a kan dokar Ohm ta lissafin wutar lantarki, ina cinye su kaf, amma da aka yi tes sai na tsaya ina kallon takarda kamar ban taɓa shiga ajin ba. Ina matsalar take?

Malama Hadiza: Wa alaikas salam Sagir. Kafin komai duba takardar da aka raba muku farkon kwas, wajen da aka rubuta manufofi, me ta ce ɗalibi zai iya yi a wannan babin? Kawo mana kalmomin yadda suke.

Sagir: Uku ne Malama. Ya faɗi dokar, ya yi amfani da ita wajen lissafin karant, sannan ya iya bambance haɗin siris da na faralel ya gano kuskure a lissafi.

Malama Hadiza: Yauwa. To duba 40 ɗin naka, ina zargin kusan duka a ta farko suka tsaya, irin su rubuta V = IR ko da me ake auna karant. Waɗannan hadda ce, kuma ana buƙatarsu, amma biyar ko shida sun ishe ka. Kalmar aikin da ke cikin kowace manufa ita ke nuna maka irin tambayar da za ka rubuta: "faɗi" tana neman tunowa, "yi amfani" tana neman lissafi, "gano kuskure" kuma sai ka tsefe abin. Wannan jerin matakan daga aikin Benjamin Bloom da abokansa na 1956 ya fito, Anderson da Krathwohl suka sake masa fasali a 2001.

Nura: Ni dai abin da nake yi shi ne in fara da masu sauƙi in ƙare da masu wuya, lambobi manya manya da ɗigo a ƙarshe, ai shi ne dai ko?

Malama Hadiza: Tsarin hawa hawa da kake yi daidai ne Nura, amma wuya daban mataki daban. Bari in nuna. Batir 12V, rizisto 4Ω, nemo karant. Ka raba 12 da 4 ka samu 3A, wannan aiki da doka ne. In ka mayar da shi 11.7V da 3.9Ω ka ƙara wa hannu wahala ne kawai, kan bai yi wani sabon tunani ba, har yanzu kana mataki na biyu. Na uku kuwa ga shi: batir 12V, rizisto biyu kowanne 4Ω an haɗa su faralel, wani ɗalibi ya samu 1.5A, nuna inda ya kauce. A nan dole ka bi sawunsa ta baya, ka ga cewa 1.5 ba ta fitowa sai in an raba 12 da 8, wato ya tara 4 da 4 kamar siris ne, alhali a faralel 2Ω ake samu, amsar kuma 6A. Lambobin ƙanana ne amma ba fomula ɗaya da za ka zuba su ciki ta ba ka amsa.

Ummi: Afuwan na shigo a tsakiya, tambayoyin shekarun baya ake nema? Ina da su da yawa har da amsoshi.

Malam Bashir: A'a Ummi, a kan waɗanda mutum ke haɗa wa kansa ake magana. Amma kin taɓo wani abu da ya taɓa cin ɗalibaina, na ba su irin wannan ta gano kuskure muka warware tare a aji, sati biyu bayan nan na maimaita ta kowa ya ci, na ji daɗi sosai, da na juya ta na sa haɗin siris ne aka lissafa shi kamar faralel sai fiye da rabi suka rubuto min tsohuwar amsar. Tambayar da ka riga ka ga amsarta ta koma hadda komai tsayin matakinta. Shi ya sa Sagir ka ajiye wasu da ba ka taɓa ba sai ranar gwada kai.

Sagir: To in ni na rubuta tambayar ai na san amsar Malam.

Malam Bashir: Ku yi musaya da abokin karatu, kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa, kuma a gefen kowace tambaya a sa lambar manufar da ta fito daga ciki. Wadda ka rasa lambar da za ka sa mata cire ta.

Nura: Nawa nawa za a raba su to? Ni a ganina kashi uku daidai.

Malama Hadiza: Ni ba na raba su daidai, manufofin nake ƙirgawa, in yawancinsu "yi amfani" ne sai na tsakiya su fi yawa.

Malam Bashir: A nan na ɗan saɓa da ke Malama, ko manufa ɗaya ce ta tsefewa ina ba ta kaso babba don a nan maki ke zubewa.

Sagir: Zan sake rubuta goma daren nan in turo ku duba min ko na uku ne da gaske.