Katin zamana na Jamus zai ƙare ina Zariya, ya zan yi?

Nafi'u: Salamu alaikum. Ina digiri na biyu a Jamus, na zo gida Tudun Wada bikin ƙanwata. Katin zamana zai ƙare 30 ga Nuwamba, tikitin komawata kuma 12 ga Disamba. Ofishin baƙi na garinmu a Jamus ya ba ni ranar ganawa a Janairu. Wannan ya wadatar, ko in canza tikiti?

Bashir Samaru: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, ai akwai rangwamen kwana 90 bayan katin ya ƙare. Ka ci shagalin bikinka.

Anti Rabi: Bashir, kada ka jefa yaron nan rami. Kwana 90 ɗin da kake ji na 'yan ƙasashen da ba a nemar wa biza ne, kamar Amurka da Japan. Mai fasfon Najeriya ba ya ciki.

Nafi'u, canza tikitin. Abin da dokarsu ke dubawa shi ne ko ka shigar da takardar neman sabuntawa kafin ranar da aka buga a katin. In ka shigar, tsohon izininka na ci gaba da aiki har su yanke hukunci, ko da za su kai watanni, har da damar aikin ɗalibi. Shaidar hakan takarda ce da ake kira Fiktionsbescheinigung. Idan an ba ka, duba inda suka yi alama: wadda ke cewa § 81 Abs. 4 ita ce ake fita a dawo da ita. Ta Abs. 3 ba ta shigar da mutum ƙasar.

To kai ba ka da ko ɗaya a hannu. Ranar 12 ga Disamba ma'aikacin jirgi zai karɓi fasfo da kati, ya ga kwanan wata ya wuce, shi ke nan. Ba zai tsaya karanta saƙon ganawar Janairu ba, domin kamfaninsu ake ci tara in ya ɗauko wanda ba shi da izinin shiga. Daga nan sai neman sabuwar biza a ofishin jakadanci, kuma layin ɗalibai ba gajere ba ne. Zangon karatu na iya tafiya a haka.

Bashir Samaru: Na karɓi gyara, Anti. Amma wani abokina da takardar ganawa kawai ya zauna wata biyu bayan katinsa ya ƙare, ba abin da ya same shi.

Anti Rabi: Yana cikin ƙasar ne, Bashir. Wasu garuruwan na ɗaukar neman ganawa a matsayin shigar da buƙata, wasu ba sa ɗauka. Ko a inda suke ɗauka, ta zama ce, ba ta tsallaka iyaka ba.

Issufu: Ni ma ina da irin matsalar. Daga Maraɗi nake, ina karatu a ABU. An ce mini tunda ɗan ECOWAS ne ni ba na buƙatar komai.

Malam Sani: Issufu, taka daban ce. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, kuma ko ga 'yan ECOWAS kwana 90 ne kawai ba tare da biza ba, mai zama fiye da haka yana yankar katin zama a hukumar shige da fice. Buɗe naka zaren a yi maka bayani. Nafi'u, me zai hana ka tura takardun ta intanet daga nan, su aiko maka shaidar ta gidan waya? Canjin tikiti a Nuwamba ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Anti Rabi: Turawar dai ya tura yau, Malam, kada a kwana. Hoton fasfo da na kati, shaidar rajistar wannan zangon, inshorar lafiya, da shaidar kuɗi. Tun Satumban 2024 adadin yuro 11,904 ne a shekara, wato 992 a wata, amma ya duba ko sun ƙara. Ya rubuta ƙarara cewa yana neman sabuntawa, ba tambaya yake ba, kuma ya ajiye shaidar turawa mai kwanan wata. Aiko da takardar zuwa Najeriya kuwa ganin damar ofishin ne. Ni ba zan jingina karatuna a kan wannan ba.

Wanda ya bari ranar ta wuce bai nema ba, ko yana cikin Jamus, izinin aikinsa ya tsaya, zamansa ya zama ba bisa ƙa'ida ba. Ofishin na iya yi masa sassauci in akwai uzuri mai ƙarfi, irin kwanciya asibiti. Biki dai ka san ba zai shiga ba.

Malam Sani: Duk da haka ni da zan fara tambayarsu kafin in biya kuɗin canji.

Nafi'u: Na gode ƙwarai. Ɗaurin aure 22 ga wata ne, akwai jirgi 26. Na tura takardun yanzu. Sai dai fasfona ma zai ƙare a Mayu.

Anti Rabi: Galibi ba sa buga kati ya wuce wa'adin fasfo, ka ga ɗan gajere za su ba ka. Fara neman sabon fasfo tun yanzu, amma kada jiransa ya riƙe ka a gida har 30 ga wata.